Shafi Arba'in Cikin Shafi Ɗaya: Amanar Mai Taƙaitawa

Duk wanda yake da ɗa ko ƙane a babbar makaranta a ƙasar nan ta Gana ya san yadda karatu kan yi wa ɗalibi yawa. Malami ɗaya yakan ba da maƙaloli uku ko huɗu a mako, kowace da shafuka talatin ko arba'in, ga kuma sauran malamai kowa da nasa. Mu 'yan zango kuwa da yawanmu muna haɗa karatun da neman abinci. Wani yana tsare shagon yayansa da yamma, wata tana taya mahaifiyarta a kasuwa, wani yana koyar da yara a gida don ya sami kuɗin mota. Shi ya sa muka saba da raba karatu a tsakaninmu. Kowa ya ɗauki maƙala guda ya karanta ta sosai, sa'an nan ya rubuta wa saura shafi ɗaya tak, wanda da shi za su shiga aji.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gaskiya ne, amma akwai nauyi a cikin al'adar da ba kowa ke lura da shi ba. Wanda bai karanta maƙalar ba, shafin nan naka shi ne maƙalar a wurinsa. Da shi zai ɗaga hannu ya yi magana gaban malami, da shi zai amsa tambaya ranar jarrabawa, kuma watakila da shi zai koma gida ya ba mutane labari a bakin ƙofa. Idan ka ƙara gishiri, da bakinsa za a ji gishirin, shi ne kuma zai sha kunya. Saboda haka muke kallon taƙaitawa tamkar aike. An ba ka saƙo mai tsawo, an ce ka isar da shi cikin 'yan kalmomi, ba tare da ka canza nauyinsa ba.

Bari mu ɗauki misali na gaske domin maganar ta fito fili. A darasin tarihin tattalin arzikin Afirka an ba mu wata maƙala ta Nathan Nunn, wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Kanada, wadda aka buga a shekarar 2008 a mujallar Quarterly Journal of Economics. Ta fara daga shafi na 139 ta ƙare a na 176, wato shafi 38, kusan arba'in ke nan. Maganarta a kan cinikin bayi ne da tasirinsa ga arzikin ƙasashen Afirka na zamanin nan. Magana ce mai zafi, wadda kowa yake da ra'ayi a kanta tun kafin ya buɗe takarda, don haka ta dace da koyon wannan aiki.

Abu na farko shi ne lissafin wuri. Shafi ɗaya da aka buga da na'ura yakan ɗauki kalmomi wajen 450. In da za a raba su daidai tsakanin shafuka 38, kowane shafi zai sami kalma 12 ke nan. Wanda ya bi wannan hanya, yana yankan jimla ɗaya daga kowane shafi, zai fito da wani abu mai kama da jerin kayan da aka aiki yaro saye: marubucin ya yi magana a kan kaza, sa'an nan ya yi magana a kan kaza, sa'an nan ya kawo jadawali. Mai karatu zai gama ya san abubuwan da aka taɓo, amma ba zai san abin da aka ce ba. Dalili kuwa shi ne shafukan maƙala ba nauyinsu ɗaya ba. Wasu suna ɗauke da da'awar marubuci, wasu suna tallafa mata, wasu kuma an rubuta su ne don masana 'yan uwansa da za su so su bi sawun lissafinsa. Aikin mai taƙaitawa ya gane wanne ne wanne.

Don haka mukan karanta maƙala sau uku, kuma kowane karatu da abin da yake nema. A na farko ba mu riƙe alƙalami ba. Mukan karanta ɗan bayanin da ke saman shafin farko, da gabatarwa, da kammalawa, mu duba kanun sassa da sunayen jadawalai. Wannan ba ya wuce rabin awa. Daga nan sai mu rufe takardar mu gwada faɗin abu biyu da baki: wace tambaya mutumin nan ya yi, wace amsa kuma ya bayar. A maƙalar Nunn tambayar ita ce, shin za a iya danganta wani sashe na talaucin Afirka na yau da cinikin bayi? Amsar kuwa, ƙasashen da aka fi kwashe mutane daga cikinsu su ne suka fi talauci a shekarar 2000, kuma hujjojin da ya tara suna nuna alamar cewa cinikin yana cikin sanadin haka. A lura da kalmomin nan biyu, wani sashe da nuna alama. Za mu koma kansu, domin a nan ne yawancin taƙaitawa ke zamewa.

Karatu na biyu shi ne mai cin lokaci, yakan kai awa uku ko huɗu. A nan muke bin maƙalar daga farko zuwa ƙarshe, muna rubuta a gefen kowane sakin layi aikin da yake yi, cikin kalma biyu ko uku: wannan da'awa ce, wannan hujja ce, wannan misali ne, wannan amsa ce ga mai suka, wannan kuma marubucin ne yake iyakance maganarsa. Da muka yi haka sai ƙashin bayan maƙalar ya bayyana. Akwai sashen tarihi. Akwai sashen da ya bayyana yadda aka ƙidaya bayin. Akwai lissafin da ya nuna dangantaka tsakanin yawan bayi da talauci. Akwai dogon sashe da yake kare lissafin daga suka. Akwai ɗan gajeren sashe a kan hanyoyin da ɓarnar ta bi har ta iso yau. Sai kammalawa, da bayanin inda aka samo alƙaluma, da jerin littattafai.

Sashen tarihi shi ne ya fi daɗin karatu, kuma shi ne babban tarko. A cikinsa akwai labarin Sarkin Kwango Afonso, wanda a shekarar 1526 ya rubuta wa Fotugal wasiƙa yana kukan yadda ake sace mutanensa ana sayarwa. Akwai bayanin yadda garuruwa suka riƙa kai wa juna hari don su sami bayin da za su sayi makamai da su, makaman kuma su jawo ƙarin hari. Hannu yakan yi ƙaiƙayi ya cika rabin shafi da waɗannan. Amma marubucin da kansa daga littattafan masana tarihi ya ɗebo su, don ya nuna cewa tambayarsa tana da tushe. Abin da ya kawo sabo shi ne ƙidayar da lissafin. Saboda haka sashen tarihi gaba ɗayansa jimla ɗaya ko biyu ya samu a shafinmu. Ka'idar da muke bi ita ce, a ba da wuri gwargwadon nauyin abu a cikin hujja, ko da bai fi daɗin ji ba.

Sashen ƙidaya kuwa ya fi gundura, amma ba ya taɓuwa, domin tambayar farko da malami ko wani mai kaifin hankali zai yi ita ce: ta yaya aka san yawan mutanen da aka kwashe daga Gana, alhali a wancan zamani babu wata ƙasa mai wannan iyaka? Ga yadda Nunn ya yi. Takardun jiragen ruwa sun nuna yawan bayin da aka ɗauka daga kowane yankin gaɓar teku, amma ba su nuna daga ina aka kamo su ba, kuma da yawa daga can cikin ƙasa aka gangaro da su. Sai ya tattara wasu takardu dabam, irin su rijistar bayi da takardun ciniki da na kotu, waɗanda suka ambaci ƙabilar kowane bawa. Na tekun Atlantika kaɗai sun ƙunshi mutum fiye da 80,000. Ya ɗora ƙabilun a kan taswirar zamani, ya yi amfani da su wajen raba jimlar da aka ɗauka daga gaɓa tsakanin ƙasashen bakin teku da na bayansu. Abokin karatunka da ya riƙe wannan bayani zai iya kare kansa a aji. Zai kuma fahimci cewa alƙaluman ƙiyasi ne, ba ƙidayar kai da kai ba.

A karatu na uku muke zaɓen alƙaluma. Maƙalar cike take da su, amma shafi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da biyar ko shida ba tare da ya shaƙe mai karatu ba. Mun riƙe shekarun da aka duba, 1400 zuwa 1900. Mun riƙe yawan ƙasashe, 52. Mun riƙe cewa kimanin mutum miliyan 12 aka fitar ta tekun Atlantika, wasu miliyan 6 kuma ta sauran hanyoyi uku, wato Sahara da Bahar Maliya da tekun Indiya. Mun kuma riƙe ƙasashen da ke kan gaba a jadawalinsa: Angola wajen miliyan 3.6, Nijeriya wajen miliyan 2, Gana wajen miliyan 1.6. A nan akwai wani rami da ya kamata a sani. Lissafin Nunn bai yi aiki da waɗannan jimloli tsurarsu ba, sai da ya auna su da faɗin ƙasa, domin miliyan ɗaya daga ƙaramar ƙasa ba daidai yake da miliyan ɗaya daga babba ba. In ka kawo jerin ƙasashen ka manta da wannan, mai karatu zai ɗauka Angola ce ya kamata ta fi kowa talauci, Nijeriya na bi mata, wanda kuwa ba haka maƙalar ta ce ba. Duk adadin da zai shiga shafi, sai ya shiga tare da abin da aka auna shi da shi.

Yanzu sai rabon kalmomin nan 450. Mukan ba tambaya da amsa wajen kalma 90, yadda aka yi binciken wajen 130, sukar da marubuci ya amsa wajen 120, iyakar binciken wajen 80, ragowar kuma su tafi ga sunan maƙala da shekararta da ɗan abin da mai taƙaitawa yake son ya ƙara. Amsa a sama take zuwa, tun a layukan farko, domin wani a cikin mota zai karanta shafin, watakila ma ba zai kai ƙarshensa ba. Ga shafin da muka fitar, mun mayar da shi Hausa saboda masu karatun wannan fili:

Nathan Nunn, 2008, tasirin cinikin bayi ga Afirka. Tambaya: shin cinikin bayi yana cikin dalilan talaucin Afirka na yau? Amsa: a cikin ƙasashe 52, waɗanda aka fi kwashe mutane daga cikinsu tsakanin 1400 da 1900, in an auna da faɗin ƙasa, su ne masu ƙarancin kuɗin shiga na kowane mutum a shekarar 2000. Marubucin yana ganin hujjojinsa sun nuna alamar cewa cinikin ya jawo wani sashe na wannan koma baya.

Yadda ya yi: ya duba ciniki huɗu, na Atlantika mai kimanin mutum miliyan 12, da na Sahara da Bahar Maliya da tekun Indiya masu kimanin miliyan 6 a haɗe. Ya haɗa takardun jiragen ruwa da takardun da suka ambaci ƙabilun bayi, ya ƙiyasta yawan waɗanda aka fitar daga kowace ƙasa ta zamani. Angola da Nijeriya da Gana ne kan gaba a jimla. Sa'an nan ya gwada ƙiyasin da arzikin yau, bayan ya yi la'akari da wanda ya yi wa ƙasa mulkin mallaka, da yanayinta, da addini, da ma'adinai irin su zinariya da man fetur. Dangantakar ba ta ɓace ba, ko da ya cire tsibirai da ƙasashen arewacin Afirka.

Sukar da ya amsa: wani zai ce watakila wuraren dama can matalauta ne, shi ya sa aka fi kama bayi a can. Ya nuna akasin haka, wato wuraren da suka fi yawan jama'a a 1400, wanda alama ce ta wadata a wancan zamani, su aka fi kwashewa. Ya kuma sake lissafin ta hanyar nisan kowace ƙasa da kasuwannin da ake kai bayi, irin su Bahiya ta Birazil da Alƙahira da Maskat, tunda nisan ba halin mutanen ƙasar ne ya kawo shi ba. Sakamakon ya fuskanci wuri ɗaya.

Ta wace hanya: ƙasashen da aka fi kwashewa sun fi rarrabuwar ƙabilu a yau, kuma tsarin sarautunsu ya fi rauni a ƙarni na 19. Tazarar arziki ta fi buɗewa bayan samun 'yancin kai. Marubucin ya ɗauki wannan sashe a matsayin share fage, bai yanke hukunci ba.

Iyaka: alƙaluman ƙiyasi ne, kuma takardun ƙabilu na Sahara da Bahar Maliya kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na Atlantika. Ma'aunin nisa bai da ƙarfi sosai a lissafi. An ƙidaya waɗanda aka fitar ne kawai, ban da waɗanda suka mutu a hari ko a hanya, ban da waɗanda aka bautar a cikin gida. Binciken ya gwada ƙasa da ƙasa, bai yi magana a kan gari ko ƙabila guda ba.

To, jama'a, a dubi sakin layin nan na ƙarshe da kyau, domin shi ne wanda ake fara yankewa idan wuri ya ƙure, alhali shi ne ya fi kare abokin karatunka. Marubuta irin wannan maƙala suna auna kalmominsu kamar yadda mai sayar da zinariya yake auna kayansa. Akwai bambanci tsakanin a ce abu biyu suna tafiya tare, da a ce hujja ta nuna alamar ɗaya ya jawo ɗaya, da a ce an tabbatar. Matakai uku ne, kuma taƙaitawa tana da halin tura magana daga mataki na ƙasa zuwa na sama, saboda magana mai ƙarfi ta fi gajarta. An tabbatar cinikin bayi ne ya talauta Afirka, kalma takwas ke nan, ga daɗin faɗi. Abin da Nunn ya ce yana bukatar kalma ashirin ko fiye. Wanda ya shiga aji da gajeren, malami zai tambaye shi mulkin mallaka fa, yaƙe-yaƙe fa, rashin shugabanci nagari fa, sai ya rasa ta cewa, alhali marubucin bai taɓa cewa cinikin bayi kaɗai ne sanadi ba. Saboda haka bayan mun gama rubutu mukan bi kowace jimla mu tambayi kanmu a wane mataki take, mu koma maƙalar mu ga ko a nan marubucin ya ajiye ta.

Wata ɓarnar kuma ita ce shigo da abin da ba ya cikin maƙalar. Mai taƙaitawa mutum ne, yana da abin da ya sani da abin da ke cin ransa. Misali, a shekarar 2011 Nunn tare da Leonard Wantchekon, masani ɗan ƙasar Benin, sun buga wata maƙala da ta danganta cinikin bayi da rashin yarda da juna a tsakanin mutane a yau. Wanda ya san da ita zai so ya saka maganar rashin yarda a cikin shafin, tunda ta dace da zancen. Amma in ya saka, abokinsa zai jingina wa maƙalar 2008 sakamakon binciken da sai bayan shekara uku aka buga shi. Maganinta mai sauƙi ne. A daftarin farko mukan rubuta lambar shafin maƙala a ƙarshen kowace jimla. Jimlar da muka nema mata shafi muka rasa, tamu ce, ba ta marubuci ba. Sai mu ja layi a ƙasan takarda, mu rubuta ra'ayin mai taƙaitawa, mu ajiye ta a nan, kuma kada ta wuce layi biyu.

Wannan layi ya yi mana amfani a kan wata magana da ta shafe mu kai tsaye. Duk ɗan zango da ya ji an ce cinikin bayi da Gana, hankalinsa zai tafi Salaga. Kakannin da yawa daga cikinmu fatake ne da suka bi hanyar Gwanja neman goro, kuma sanannen abu ne cewa a kasuwar Salaga ta ƙarni na 19 an sayar da goro an kuma sayar da mutane. Don haka tun kafin mu raba shafin mun san za a tambaye mu abin da maƙalar ta ce game da Salaga, ko game da Hausawa, ko game da dalilin da arewacin Gana yake bayan kudu a arziki. Amsar gaskiya ita ce lissafinta bai taɓo wannan ba, domin Gana gaba ɗayanta ɗigo ɗaya ce a cikin ɗigo 52. Da mun yi shiru, wani zai cike gurbin da zatonsa, ya je ya ce binciken Turawa ya nuna kaza game da kakannin wane. Irin wannan magana in ta fita makaranta ta shiga unguwa, tana iya ɓata tsakanin maƙwabta. Shi ya sa muka rufe sashen iyaka da cewa binciken bai yi magana a kan gari ko ƙabila guda ba, a ƙasan layi kuma muka rubuta cewa tambayar Salaga tambaya ce mai kyau da za a iya yi wa malami, amma amsarta tana wasu littattafai. Mai taƙaitawa ya san mutanensa, ya san inda tunaninsu zai zarce, don haka yana da kyau ya faɗi abin da maƙala ba ta ce ba a daidai wurin da za a yi zaton ta ce.

Saura gwaji, wanda ba a tsallake shi. Kai da ka karanta shafi 38 ba za ka iya ganin ramukan da ke cikin shafinka ba, domin kanka yana cike su da abin da ka riga ka sani. Sai ka nemi mutum ɗaya da bai karanta maƙalar ba, ka ba shi shafin na minti biyar, ka karɓe, ka ce ya faɗa maka abin da ya ji. Mu da Hausa muke sa a maimaita, ko da da Turanci aka rubuta shafin, saboda mutum yana iya haddace jimlar Turanci ya maido ta bai fahimce ta ba, amma ba zai iya juya ta zuwa harshen gida ba sai ya gane ta. Daga bakinsa za ka san inda shafin yake yoyo. In ya ce cinikin bayi ne ya jawo talaucin Afirka, ya tsaya a nan, to iyakar ba ta fito ba. In ya fara da jerin Angola da Nijeriya da Gana kamar su ne sakamakon binciken, to alƙaluma sun danne amsa. In ka tambaye shi yadda aka san yawan bayin ya yi shiru, to sashen hanya ya yi gajarta ko ya yi duhu. In kuma ya tsaya a kan wata kalma ya ce mene ne wannan, to ka kwafo kalmar masana ba ka warware ta ba. Maganar nisan kasuwanni, alal misali, tana da suna na musamman a ilmin lissafin tattalin arziki, amma mun bar sunan muka faɗi abin da ake nufi, muka ajiye sunan a gefe don wanda zai nema a jarrabawa.

Dole kuma a faɗi abin da shafi ɗaya ba zai iya ba. Zai isa mutum ya bi zancen aji, ya yi tambaya mai ma'ana, ya san ko maƙalar ta shafi aikin da yake rubutawa. Ba zai isa ya soki lissafin marubuci ba, ba kuma zai isa ya ambaci maƙalar a rubutunsa kamar ya karanta ta ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Don haka mukan ƙara layi ɗaya a ƙarshe, mu ce wanda yake da awa ɗaya ya karanta gabatarwa da sashen ƙidaya da jadawalin ƙasashe, domin a nan zai ga da idonsa inda ƙarfin binciken yake da inda rauninsa yake.

Aikin duka yakan ci mana wuni guda: rabin awa na leƙe, awa uku ko huɗu na karatu da alƙalami, awa ɗaya na zaɓen alƙaluma da rubutu, sai gwaji da gyara. Wanda ya karɓi maƙala a rabo ya san abin da ya ɗauka ke nan, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ga ƙannenmu da za su shiga manyan makarantu bana, in an miƙo muku shafi ɗaya, ku duba ko yana da sashen iyaka, ku kuma tambayi wanda ya rubuta wace jimla ce tasa, wace ce ta marubuci. In ya iya nuna muku lambar shafi, ku riƙe takardar da hannu biyu. Allah ya ba da sa'ar karatu. Sai wata mai zuwa.